Kaza Fara Ta Fara Cin Fara: Gane Ajin Kalma Daga Aikinta a Jimla

Duk wanda ya zauna ajin Hausa a ƙaramar sakandare ya haddace ma'anonin nan guda uku. Suna shi ne sunan mutum ko dabba ko wuri ko abu. Aikatau kalma ce mai nuna aiki. Sifa kalma ce mai bayyana yadda suna yake. Yara na rera su kamar waƙa, malami ya kawo misali biyar-biyar a kan allo, a kwafa a littafi, a tashi. Ranar jarrabawa kuma sai a ga yaron da bai bar ko harafi ɗaya ba a hadda ya ja layi a ƙarƙashin "barci" ya rubuta aikatau. Idan ka tambaye shi dalili, zai ce ai barci aiki ne da ake yi. A bisa abin da aka koya masa, gaskiyarsa ce. Ma'anar da aka ba shi ita ce ta kai shi rami.

Matsalar ita ce waɗannan ma'anoni suna duban abin da kalma take nufi ita kaɗai, a tsaye, kamar an cire ta an ajiye a faranti. Nahawu kuwa yana duban abin da kalmar take yi a tsakiyar 'yan'uwanta: me ya gabace ta, me ya biyo ta, wane ɗafi take karɓa, wane take ƙi. "Barci", "magana", "wasa", "aiki", "dariya" duk suna nuna abin da ake aikatawa, amma ba ɗaya a cikinsu da yake aikatau. Ba a cewa "sun magana", sai "sun yi magana". Kalmar "yi" ita ce aikatau, "magana" kuwa suna ce da ta zauna a gurbin karɓau, daidai inda "tuwo" yake zama a "sun ci tuwo". A ɗaya gefen, "fi" da "dace" da "rasa" da "kamata" ba wani motsi ko aiki a cikinsu, amma aikatau ne cikakku: sun fi mu, sun dace, sun rasa.

Jimlar da nake buɗe wannan darasi da ita ke nan, a rubuce a allo, ba tare da na karanta ta ba:

Kaza fara ta fara cin fara.

Sai in ce wani ya tashi ya karanta. Abin da ke ba ni sha'awa kullum shi ne, yaro Bahaushe ba ya kuskuren karanta ta idan ya ɗan dube ta sau ɗaya. Zai furta "fara" ta farko da gajeren wasali a gaɓar farko, murya a sama har ƙarshe. Ta biyu zai ja gaɓar farko, ya fara da sama ya sauko ƙasa. Ta uku zai ja wasulan duka biyu, ya fara daga ƙasa ya hau sama. Ba wanda ya sa masa alama, domin rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. To me ya gaya masa? Wurin da kowace ta zauna. Ta farko ta biyo "kaza" tana faɗin launinta, sifa ke nan. Ta biyu ta zo bayan "ta", wato zagin aikatau, don haka aikatau ce. Ta uku ta zo bayan "cin", ita ce abin da ake ci, wannan ƙwaron da ake soyawa da yaji, suna ke nan. Yaron ya riga ya yi nazarin nahawu a kansa kafin ya buɗe baki. Aikin malami shi ne ya fito masa da abin da ya yi a ɓoye, ya ba shi suna.

Amma a nan akwai wani rarrabewa da ya kamata malami ya riƙe, ko da bai tsawaita shi ga yara ba. Waɗannan "fara" guda uku ba kalma ɗaya ba ce. Kalmomi uku ne da ba su haɗa dangi ba, rubutu ne kawai ya sa musu riga iri ɗaya. Haka "baƙi" na launi da "baƙi" masu zuwa gida, haka "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye da "kuka" ta "me kuka yi". Akwai kuma wani rukuni daban, inda kalma ɗaya ce da ma'ana ɗaya take sauya aji. "Yaron ya girma" da "girma ya zo masa da wuri". "Mun kwana a Zariya" da "kwana uku muka yi". "Ya tsufa" da "tsufa ya kama shi". "Ya gudu" da "gudu ya fi tafiya sauri". A cikin waɗannan, bambancin da ke baki ɗan ƙanƙane ne, wasalin ƙarshe gajere ne a aikatau, dogo ne a suna, a takarda kuwa babu bambanci ko kaɗan. Ga ɗalibin da ke gaban takardar jarrabawa, rukunan biyu matsala ɗaya suke kawo masa, kuma magani ɗaya ne: a saka kalmar a gwaji.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, mu ne a makarantar boko muka bari ta wuce mu. Wanda ya karanta Ajuruma, littafin nahawun Larabci, a zaure ya san cewa marubucinta, Ibn Ajurrum mutumin Fas wanda ya rasu a 1323, bai tsaya bayyana ma'anar isimi, wato suna, ba. Alamomi ya jera: ana gane isimi da karɓar jarra, da tanwini, da shigar alif da lam, da zuwansa bayan haruffan jarra. Ana gane fi'ili, wato aikatau, da "ƙad" da "sin" da "saufa" da ta'in mace mai ɗauri. Wanda bai karɓi alamar wannan ba, bai karɓi ta wancan ba, shi ne harafi. Wato gwaji ne tsantsa. Alamomin Larabci ba za su yi aiki a Hausa ba, amma Hausa tana da nata, kuma ba su da yawa.

Gwajin aikatau shi ne mafi sauƙi. Ka sa "sun" a gaban kalmar, kai tsaye, ka ji ko kunne ya karɓa. Sun fara, sun girma, sun kwana, sun gyara: duk sun shiga. Sun barci, sun kyau, sun dogo: ba su shiga ba, sai an cusa "yi" ko an sake ginin. Na zaɓi "sun" da gangan. Da farko da "ya" da "ta" nake yi, sai na ga suna jawo rikici, domin "ta" tana da wasu ayyukan, kamar a "ta Audu ce" ko "ya shigo ta taga", yaro ya ga "taga" bayan "ta" ya ce aikatau ce. "Sun" ba ta da wannan matsalar. Abu na biyu, kada a yarda yara su yi gwajin da "yana" ko jam'insa "suna". Bayan "yana" kusan komai na iya zuwa: yana gida, yana zaune, yana barci, yana da kuɗi. Ƙofa ce da ba ta da mai gadi, ba ta tace kowa. Na uku, a sa su furta a hankali, domin a maganar sauri "ya yi barci" takan koma "yai barci", har "yi" ɗin ya kusa ɓacewa, yaro ya rantse cewa ai ana cewa "ya barci".

Gwajin suna kuma shi ne ɗafin nan na "-n" ko "-r", ko dai na nasaba ko na madanganci, da kuma wakilin suna na mallaka. Gudun doki, gudunsa. Girman gida, girmanta. Maganar jiya, maganarsu. Aikatau ba ya karɓar wannan ɗafin matuƙar yana aikatau. Da zarar ka ji "gudun" ko "girman", to kalmar ta bar gidan aikatau ta koma abin da littattafai ke kira suna ɗan aikatau, wasu kuma su ce sunan aiki.

Inda abin yake da daɗi, kuma inda ya fi ɗaukar lokaci, shi ne sifa. Sifar Hausa ta yi kama da suna ƙwarai. Tana da namiji da mace da jam'i kamar suna: fari, fara, farare, tsoho, tsohuwa, tsofaffi. Tana karɓar "-n" da "-r" kamar suna: farin doki, farar riga. Saboda haka gwajin suna da muka yi yanzu ba zai raba su ba, kuma malamin da ya tsaya a kansa zai tarar da rabin ajinsa sun ce "farin" suna ne. Dole a ƙara wasu gwaje-gwajen biyu.

Na farko shi ne juyi. Sifa ta gaskiya tana iya barin gaban suna ta koma bayansa, ta yar da ɗafinta, ma'ana ba ta gushe ba. Farin doki, doki fari. Tsohuwar mota, mota tsohuwa. Yanzu gwada da "tsohuwar Audu". Idan ka juya, sai ka samu "Audu tsohuwa", wanda ba shi ake nufi ba ko kusa. Ashe "tsohuwa" a nan suna ce, mahaifiyar Audu ake nufi. Haka "farin ƙwai": idan ana maganar abin da ke kewaye da gwaiduwa, juya shi zuwa "ƙwai fari" ya kashe ma'anar, don haka "fari" a nan sunan wani abu ne.

Na biyu shi ne jituwa, kuma shi ne wanda na fi so, domin yara na kama shi da kunne nan take. Rubuta waɗannan biyun:

Baƙar tukunya ta fashe.
Baƙin tukunya ya ɓata mini riga.

Tukunya mace ce a nahawu. A jimla ta farko "baƙa" ta bi jinsinta, zagin aikatau ma ya zama "ta", domin tukunyar ce ake magana a kanta. Sifa ke nan, mai bin uwar gijiyarta. A ta biyu "baƙi" ya ƙi bin tukunya, ya tsaya a namiji, har ya ja zagin aikatau ya koma "ya". Abin da ya ɓata rigar shi ne baƙin da ke jikin tukunyar, ita tana can kan murhu. Wanda ya mallaki zagin aikatau shi ne shugaban yankin suna, shugaban yankin suna kuwa suna ne. Kana iya maimaita wannan da "farar rigar nan ta yage" da "farin rigar nan ya dushe", har sai ya zauna musu.

Bayan sun riƙe waɗannan, sai in kawo kalmar da take zama a duk gidajen uku, wato "ja". A "sun ja igiya" ta ci gwajin "sun", aikatau ce. A "jar hula" ta bi jinsin hula, kuma ta juyu zuwa "hula ja", sifa ce. A "ja ya fi yi mata kyau" ita ce aikau, ita ta mallaki "ya", sunan launi ne. Daga nan sai in rubuta "jan igiya" da "jar igiya" in tambayi bambanci. Ba a daɗe ba za a samu mai cewa ɗaya igiya ce mai launin ja, ɗayan kuma aikin jawo ta ne. Harafi ɗaya ya raba su, saboda igiya mace ce. Sai in rubuta "jan doki" in yi shiru.

A nan ajin yakan rabu biyu, kuma ina barin su su yi musu na ɗan lokaci. Doki namiji ne, don haka sifar ma "jan" za ta zama, sunan aikin ma "jan" ne. A baki akwai bambanci, domin na launi muryarsa a sama take tsayawa, na jawowa kuwa faɗowa take yi daga sama zuwa ƙasa, kamar a "cin" da "shan". A rubuce babu. Amsar gaskiya ita ce ba a iya yanke hukunci sai an ga sauran jimlar. "Jan doki ya gudu" dokin ne ya gudu. "Jan doki da ƙarfi yana ji masa ciwo a baki" aikin jan ne ake nufi. Idan har yanzu da shakka, a mayar da shi jam'i: na launi zai zama "jajayen dawaki", na aiki zai tsaya "jan dawaki". Wannan mataki na jam'i yana warware yawancin rigimar da jinsi ya kasa warwarewa.

Wani zai ce duk wannan wahala ce don jarrabawa kawai. To akwai inda take shiga rubutun kowa na kullum, wato raba kalma da haɗe ta. Ƙa'idar daidaitacciyar Hausa ita ce wakilin suna karɓau ana raba shi da aikatau, na mallaka kuwa ana manna shi a jikin suna. Dubi "gyara". A "yana gyara ta" kalmar aikatau ce, sai a raba. A "yana gyaranta" ta karɓi "-n", ta zama suna, sai a haɗe. Haka "ya so ta" da "yana sonta", "ya sha shi" da "yana shansa", "ya gan su" da "yana ganinsu". Mutumin da bai iya gane lokacin da kalmar ta tsallaka daga aikatau zuwa suna ba, zai ci gaba da rubuta "yasota" yau, gobe "yana son ta", yana bin abin da ido ya saba gani a waya. Hadda ba ta gyara wannan, domin ba a iya haddace kowace kalma da kowane wakilin suna. Wanda ya riƙe gwajin "-n" kuwa ya huta.

Hanyar tana da iyakarta, kuma malami ya san ta kafin yaro mai kaifin kai ya tsare shi da tambaya. Idan aka ce aiki ne ke nuna aji, wani zai ce to "azurfa" a "zoben azurfa" sifa ce, tunda tana bayyana zoben. Haka "ƙarfi" a "yaro mai ƙarfi". Amsa ita ce bayyana suna aiki ne da ba sifa kaɗai ke yin sa ba. "Azurfa" ta faɗi gwajin juyi, ba a cewa "zobe azurfa" ko "azurfar zobe" da wannan ma'ana, kuma ba ta sauyawa idan zoben ya zama zobba. Suna ce da aka jingina wani sunan gare ta. "Ƙarfi" ma suna ne, shi ya sa yake buƙatar "mai" ta ɗauke shi. Sifar da ta fito daga gare shi ita ce "ƙaƙƙarfa", wadda take da jam'inta "ƙarfafa". Don haka idan muka ce aiki, ba tambayar "me take bayyanawa" kaɗai muke nufi ba. Muna nufin gurbin da kalmar ta zauna, da abin da ta karɓa, da abin da ta yi jituwa da shi, duka a haɗe. Malaman zaure ma haka suka raba: isimi aji ne, na'ati kuwa, wato siffantawa, matsayi ne da isimi yake hawa a jimla.

Akwai kuma wurin da masana kansu ba su taru a kan magana ɗaya ba. Mai saye ya nuna riguna biyu ya ce, "Malam, miƙo mini farar." Shin "farar" ta zama suna, ko sifa ce da aka shafe sunan da take bi saboda an riga an san shi? Kowane ɓangare yana da hujja. A ganina, ga ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, idan ya rubuta cewa sifa ce ta tsaya a gurbin suna, ya ci makinsa cikakke, ya ma fi wanda ya rubuta kalma ɗaya ba dalili. Kalmomi irin su "farin ciki" da "baƙin ciki" da "farin jini" kuwa, kada a ɓata lokaci ana fasa su. Sun riga sun narke sun zama harɗaɗɗen suna guda, shi ya sa "ciki fari" ba ya nufin murna.

Duk wannan ba ya shiga darasi ɗaya na minti 40, kuma wanda ya matsa shi a ciki zai fita da yara sun fi shigowa ruɗewa. Ni nakan ba gwajin "sun" da na "-n" darasi guda, sifa ta ci biyu ita kaɗai, sannan na huɗu ya zama na raba kalma da haɗewa. A kowane ɗaya, yaran ne ke ƙirƙiro jimlolin. In ba su "kwana" ko "gyara" ko "tsoho", kowane benci ya kawo jimla biyu da kalmar ta sauya aji, benci na gaba ya gwada ya faɗi dalili. Ana gane wanda ya fahimta daga irin dalilinsa. Mai cewa "saboda yana nuna aiki" har yanzu yana kan tsohuwar hadda, ko da amsarsa ta dace. Mai cewa "saboda ya zo bayan sun" ko "saboda ya ƙi juyuwa" shi ne ya kama. Wannan sabon kunne yana bin su har ajin Turanci, inda abin ya fi tsanani, domin a can kalmar da ke nufin ruwa ita ce dai ake amfani da ita a ce a shayar da shuka, ba tare da ko sauyin murya ba.

Sauran gyaran yana wajen mai fitar da tambaya. Har yanzu nakan ga takardar gwaji da aka jera kalmomi tsirara, "fara, ja, gudu, tsoho, kwana", aka ce a faɗi ajin kowace. Irin wannan tambaya ba ta da amsa ɗaya, kuma yaron da ya fi sanin Hausa shi ya fi shan wahala da ita, domin shi ne yake ganin duk fuskokin kalmar yana rasa wadda malam yake so. Idan ana son a tambayi "gudu", a rubuta "ɓarawon ya gudu" a lamba ta ɗaya, "gudun ɓarawon ya ba mu mamaki" a lamba ta biyu, a ja layi a ƙarƙashin kowace, a ware maki ɗaya na aji, maki ɗaya na dalili.